Mun sauya asusun banki: ta yaya za mu sanar da akantocin kwastoma ba tare da ɗan damfara ya shiga tsakani ba?

*Assalamu alaikum Malam. Kamfaninmu a Kano yake, shekara huɗu ke nan muna kai wa wani babban kamfanin casar shinkafa buhunan zuba kaya. Mun buɗe sabon asusu a wani banki, muna so kuɗinmu su riƙa shiga can. Yanzu haka muna binsu naira miliyan 18 da dubu 400, kuma ranar 28 ga kowane wata suke biya. Na yi niyyar tura wa akantansu sabuwar lambar ta WhatsApp, sai wani abokina ya ce kada in kuskura, wai ta haka ake damfarar mutane. To yaya ake yi?*

Wa alaikumus salam Alhaji. Abokinka ya yi maka gata. Na daɗe a kujerar da irin wannan saƙo yake zuwa ya tarar, wato teburin biyan masu kawo kaya, kuma zan fara gaya maka abin da ke zuwa zuciyar akanta mai hankali idan ya ga an ce "mun sauya asusu, ku biya a wannan". Abin da yake fara zato shi ne ɓarawo ne, ba don yana zarginka ba, sai don da wannan jumlar ce kusan duk damfarar biyan kuɗi tsakanin kamfanoni take farawa. Idan akantan nan ya karɓi lamba ta WhatsApp ya biya miliyan 18 ba tambaya, kada ka yi murnar cewa aiki ya yi sauri. Hakan na nufin gobe duk wanda ya ɗora hotonka a kan wani layi ya turo masa wata lambar, shi ma zai biya shi, kuma kuɗinka ne za su tafi.

Saboda haka aikin da ke gabanka ya wuce isar da lamba goma. Aikin shi ne ka ba su hanyar da za su tabbatar da kansu cewa kai ne, ta ƙofar da suka riga suka sani tun kafin zancen sauyi ya taso. Wasiƙa da hatimi da sa hannu suna da amfani, za mu zo kansu, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake hujja shi kaɗai, domin duk ana iya ƙirƙirarsu.

Ba 'yan ƙananan kamfanoni kaɗai abin yake ci ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi wa wani kamfani rajista a ƙasar Latvia da suna iri ɗaya da na Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta. Ya buɗe asusu da wannan suna, ya riƙa tura takardun neman biya da kwantiragi da wasiƙu na jabu masu ɗauke da hatimi da sa hannun manyan jami'ai. Kamfanonin biyu suka tura masa sama da dala miliyan 100, kuma a Disambar 2019 wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara biyar. Abin lura a nan shi ne sunan asusun ya yi daidai, takardun ma sun yi kyau. Abin da ɓarawon ba shi da iko a kai shi ne wayar mutanen Quanta na gaskiya.

To mu dawo Kano. Kafin ka rubuta komai, fara da naka gidan. Ɗauki waya ka buɗe manhajar wani banki, ba sabon bankin naka ba, ka sa sabuwar lambar kamar za ka tura kuɗi, ka ga sunan da zai fito. Sunan nan dole ya zama sunan kamfaninku kamar yadda yake a takardar rajistar CAC, kuma kamar yadda yake a kwantiraginku da inbois ɗinku. Na sha ganin inda banki ya gutsure suna ko ya yi kuskuren harafi wajen buɗe asusu, mai shi bai sani ba sai ranar biya da akanta ya ga bambanci ya janye hannu. Idan akwai kuskure, a gyara shi a banki tukuna. Idan kuma asusun da sunanka ne na kanka, ko na ɗanka, ko na wani kamfaninka daban, to tsaya nan. Kamfanin da yake da tsari ba zai biya bashin da kamfani yake binsa a asusun mutum ba, kuma yana da gaskiya, domin masu binciken kuɗi za su tuhume shi, lissafin harajin da ake cirewa daga biya ma zai rikice.

Bayan haka ka nemi sabon bankin ya ba ka wasiƙar tabbatar da asusu, a kan takardarsu, mai ɗauke da sunan asusu da lambarsa da reshe da sa hannun jami'an banki. Idan kamfanin naku yana da daraktoci fiye da ɗaya, ku rubuta ƙudurin daraktoci na buɗe asusun da mayar da karɓar kuɗi can. Da ma banki ya nemi irin wannan ƙudurin wajen buɗe asusun, don haka kwafinsa yana hannunku.

Sai abin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro: akwatin imel ɗin kamfaninku. Yawancin masu irin wannan damfara ba sa zuwa a makance. Sukan sami kalmar sirrin wani ma'aikaci ta hanyar saƙon yaudara, su shiga su zauna shiru makonni suna karanta komai. Sun san nawa kuke bi, sun san ranar biya, sun san yadda kake gaisawa da akanta. Ranar da ka tura sanarwar gaskiya cewa kun sauya asusu, ranar ce suke jira, domin yanzu kwastoma ya riga ya sa ran sauyi. Sai su bi bayanka da saƙo na biyu: "a yi haƙuri an yi kuskure a lambar farko, ga daidai." Irin wannan shiga akwatin imel ce ta ci kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan injinan Caterpillar, a 2018, inda aka sace kalmar sirrin babban jami'in kuɗinsu aka riƙa ba da umarnin biya da sunansa har kusan dala miliyan 11 suka fita. Shari'ar ce aka ɗaure wani ɗan kasuwa ɗan Najeriya, Obinwanne Okeke, shekara goma a kanta a Amurka a 2021.

Don haka kafin ka aika komai, ka zauna da wanda yake kula muku da kwamfutoci ku duba duk akwatin da ake tura inbois da shi. Ku buɗe `Rules` ko `Filters` da `Forwarding`. Idan ka ga wata ƙa'ida da ba ku kuka sa ba, mai cewa duk saƙon da ya ƙunshi kalmar biya ko asusu a kai shi wani babban fayil da ba a dubawa, ko a tura kwafi wani adireshi na waje, to akwai baƙo a gidan. Ku duba jerin na'urorin da suka shiga akwatin kwanan nan, ku sauya kalmar sirri, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku fitar da duk na'urar da ke ciki. Wannan aikin awa ɗaya ne, kuma idan ba a yi shi ba sauran matakan suna tsaye ne a kan rairayi.

Yanzu maganar lokaci. Ka ce ranar 28 suke biya. Shawarata, wadda na san ba za ta yi maka daɗi ba idan kana ɗokin sabon bankin, ita ce ka bar wannan miliyan 18 da dubu 400 su shiga tsohon asusu kamar kullum, in dai yana aiki. Da kanka sai ka kwashe su zuwa sabon, minti biyar ne. Ka sa sauyin ya fara aiki daga biyan wata mai zuwa. Dalili shi ne ɓarawo kullum yana zuwa ne dab da biya, yana cewa a yi sauri, yana haɗa sauyin asusu da wani babban inbois da ya kusa fita. Duk abin da ya sa sanarwarka ta yi kama da tasa yana cutar da kai ta fuska biyu: ko su ƙi yarda su riƙe kuɗinka har sai sun gama bincike, ko su saba da gaggawa, wanda ya fi muni. Ka ba su aƙalla kwana 30. A manyan kamfanoni wanda yake gyara bayanan mai kawo kaya a kwamfuta daban ne da wanda yake amincewa da gyaran, kuma dukansu daban ne da wanda yake sakin kuɗi, ga shi sukan rufe jerin waɗanda za a biya kwanaki kafin ranar biyan. Takardarka sai ta bi duk waɗannan tebura.

Mataki na farko da ya shafe su shi ne kiran waya ko ziyara, tun kafin wasiƙa. Ka kira shugaban sashen kuɗinsu da layin da ya san ka da shi, ka ce masa kuna shirin sauya asusu, ka tambaye shi yadda tsarinsu yake. Kada ka faɗi lambar a wannan kiran. Sau da yawa za ka tarar suna da nasu fom na sauya bayanan banki, kuma ba sa karɓar komai sai da shi. Ka tambayi sunan ofishin da za a rubuta wa, da takardun da suke so a haɗa. Wannan kiran yana da wata fa'ida: daga ranar sun san sanarwa tana tafe, sun san ta wace hanya za ta zo, don haka wadda ta zo ta wata hanyar daban za su tsaya su duba.

Ita wasiƙar gajeriya ce, shafi ɗaya, a kan takarda mai tambarin kamfani. Da Turanci aka saba rubuta ta, amma abin da za ta ƙunsa shi ne wannan:

> Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi. Muna sanar da ku cewa daga ranar kaza ga watan kaza, duk kuɗin da za ku biya kamfaninmu mai lambar rajista kaza a tura su sabon asusunmu: sunan asusu kaza, banki kaza, lambar asusu kaza. Wannan ya maye gurbin tsohon asusunmu na banki kaza mai ƙarewa da lambobi huɗu kaza. Duk inbois ɗin da ranar biyansa ta faɗo kafin wannan rana, ciki har da mai lamba kaza, a biya shi a tsohon asusu. Muna roƙonku kada ku yi aiki da wannan wasiƙa sai kun kira daraktanmu ta lambar wayar da take cikin fayil ɗinku tun da, kun tabbatar. Sanarwa ɗaya ce wannan, ba za mu turo gyara ko wata lamba ta imel ko WhatsApp ko tes ba. Duk saƙon da ya zo muku da wata lambar da sunanmu, ku ɗauke shi na jabu ne ku sanar da mu nan take.

Dubi abin da babu a cikinta. Babu sabuwar lambar waya, babu sabon adireshin imel, babu "a kira wane don ƙarin bayani". Da gangan ne. Wasiƙar ɓarawo kullum tana zuwa da lambar da za a kira a tabbatar, kuma shi ne zai ɗauka ya ce ƙwarai, mu ne. Idan lambar wayarka ma ta sauya, to kada ka haɗa sauyi biyu a wata ɗaya. Ka fara daidaita ta wayar, ido da ido, sannan bayan an kwana biyu a zo kan ta banki.

Sa hannu kuma ya zama na mutanen da suke da samfurin sa hannunsu, wato waɗanda suka sa hannu a kwantiragi ko a fom ɗin rajistar masu kawo kaya shekara huɗu da suka wuce. Mutum biyu ya fi ɗaya. Wannan kariya ce gare ka daga cikin gida, domin ba kowace damfara ce take zuwa daga waje ba. Ma'aikacin da yake kai inbois yana dawowa da rasit, wanda kowa ya saba da fuskarsa a can, shi ne ya fi kowa sauƙin miƙa takardar sauyin asusu ta ƙarya. Ba zargin yaranka nake ba Alhaji, tsari ne da yake kare mai gaskiya daga zargi. Shi ya sa wanda za a kira a tabbatar bai kamata ya zama wanda ya kai wasiƙar ba.

Tunda gari ɗaya kuke, ka kai ta da ƙafarka, ko darakta ɗaya da suka sani ya kai. Ka tafi da kwafi biyu, su buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan ɗaya ka dawo da shi ka adana. Wannan kwafin shi ne shaidarka idan wata rana aka yi jayayya kan abin da ka sanar da ranar da ka sanar. Idan kwastoma yana nesa, Legas ko Fatakwal, a aika da kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa. Ana iya tura kwafi ta imel don sauƙin aiki, amma a matsayin sabon saƙo zuwa adireshin da ka buga da hannunka daga tsofaffin takardu. Kada ka danna amsa a kan wani tsohon zaren saƙonni, domin mai yiwuwa an riga an cusa adireshin jabu a ciki ba ka lura ba. Dubi waɗannan biyun:

```
kudi@sunankamfani.com
kudi@sunankarnfani.com
```

A na biyun an cire `m` an sa `r` da `n` a jere. A fuskar waya, ga mutumin da yake sauri, babu bambanci. Wani lokacin ma adireshin da ke sama daidai ne, amma an sa wani daban a gurbin `Reply-To`, ta yadda amsa za ta tafi wurin ɓarawo.

Kiran tabbatarwar shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma akwai yadda ake yinsa. Su ne za su kira ka, ba kai za ka kira su ba, domin lambar da take bayyana a fuskar waya lokacin da kira ya shigo ana iya yi mata dabara, amma wanda ya buga lamba da hannunsa daga fayil ya fi kusa da sanin inda kiransa ya je. A cikin kiran, kai ne za ka karanta lambar asusun, lamba bayan lamba, tare da sunan banki, akanta yana bin wasiƙar da ido. Idan shi ya karanto maka ka ce "e haka ne", ba a yi komai ba, domin mutum yana cikin hayaniyar kasuwa ko yana tuƙi zai amsa e ga lambar da aka sauya mata biyu a tsakiya. Sunan bankin ma wajibi ne a faɗe shi. Lambar asusu, wadda ake kira NUBAN, guda goma ce, ta ƙarshen ana lissafo ta ne daga sauran tare da lambar bankin don kama kuskuren bugu, amma lamba goma iri ɗaya tana iya kasancewa a wani bankin da sunan wani mutum daban. Lamba ba banki rabin adireshi ce.

Akanta mai kyau zai ƙara maka tambayar da ba ta cikin wasiƙa, kamar nawa aka biya ku a watan jiya ko wace mota ce ta kai kaya na ƙarshe. Kada ka ji haushi ka ce shekara huɗu ba su san muryarka ba. Ka amsa, ka kuma gode masa. Shi ma zai rubuta a fayil ranar da ya kira, da lambar da ya kira, da wanda ya yi magana da shi. Kiran waya yana da iyakarsa, domin ana sace layi ta hanyar sake yankar sim. Idan layinka ya ɗauke haka kawai a cikin kwanakin nan, ka ɗauki abin da muhimmanci ka garzaya ofishin kamfanin layin, ka kuma aika a gaya wa kwastoma su dakata. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na fi son ka haɗa kiran da zuwa da kanka.

Bayan sun shigar da sabon asusu a kwamfutarsu, ka roƙe su su yi gwaji da ɗan ƙaramin kuɗi kafin babban biya. Kuma kada su gaya maka adadin. Su turo, misali, naira 3,750, kai kuma ka duba ka kira su ka faɗi abin da ya shigo. Ka duba shi a cikin bayanan asusun ta manhajar banki ko shafinsa, ba a alat na tes ba, tunda alat ma ana yin na bogi. Idan adadin da ka faɗa ya yi daidai, to an tabbatar da abu biyu a tare: lambar da aka buga a kwamfutarsu daidai ce, kuma mutumin da suka sani shi ne yake ganin cikin asusun. Kuɗin gwajin sai a cire shi daga inbois na gaba, a rubuta a littafin ɓangarorin biyu don kada ya zama ɗan ragowar da zai riƙa hana lissafi daidaita a ƙarshen shekara.

Idan na jera maka kwanakin a kan naka lamarin, ga yadda za su kasance. A makon farko na wata ka gama da banki da akwatin imel, ka kira shugaban sashen kuɗinsu. Wajen ranar 8 ka kai wasiƙa, wadda ta ce sauyi zai fara ranar 10 ga wata mai zuwa, kuma ta ambaci inbois na miliyan 18 da dubu 400 da lambarsa cewa tsohon asusu za shi. Cikin mako guda su kira ka. Ranar 28 kuɗin su shiga tsohon asusu. A farkon sabon wata a yi gwaji. Inbois na farko da zai ɗauki sabuwar lamba shi ne wanda ka rubuta bayan gwajin ya yi nasara, kuma ka tuna ka gyara samfurin inbois ɗin da ke kwamfuta da littafin da aka buga a maɗaba'a, domin na ga inda aka yi komai daidai sannan magatakarda ya ci gaba da rubuta inbois a tsohon littafi mai tsohuwar lamba a ƙasa, akanta ya rasa wanne zai bi. Ranar 28 ta wata na biyu, da ka ji sun saki kuɗi, ka duba a ranar, ka aika musu shaidar cewa ya iso.

Wannan dubawar a ranar tana da dalili. Alamar farko cewa an shiga tsakaninku yawanci shiru ce: su suna ganin sun biya, kai kana ganin sun makara kana jin nauyin tambaya, har mako biyu su wuce. A irin wannan lamari kunya tana da tsada. Tiransifa tsakanin bankunan Najeriya tana isa ne cikin daƙiƙu, kuma ɓarawo yana rarraba kuɗin zuwa wasu asusu da masu cirar kuɗi a ranar. Wata alamar ita ce akanta ya ce maka "mun ga saƙonka na biyu" alhali ɗaya ka aika, ko ya amsa tambayar da ba ka yi ba, ko saƙonninsa su daina iso maka alhali ya ce ya turo.

Idan hakan ta faru, Allah ya kiyaye, wanda ya tura kuɗin shi ne yake da bakin magana a banki, ba kai ba. Su kira sashen yaƙi da damfara na bankinsu a wannan sa'ar, ba gobe ba, su ba da `Session ID`, wato lambar shaidar tiransifar, da adadi da lokaci da asusun da ya karɓa, su nemi a sanar da bankin da ya karɓa ya hana fitar kuɗi daga asusun, abin da ma'aikatan banki suke kira PND. Su bi kiran da takarda a rubuce, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Dawo da abin da aka samu aka riƙe yakan buƙaci umarnin kotu, don haka a sa lauya tun da wuri. Kai kuma kada ka goge komai daga imel ko waya, ko saƙon da ya ba ka haushi, domin su ne shaida. Ka kuma kira sauran kwastomominka ɗaya bayan ɗaya a ranar, tunda wanda ya karanta akwatinka ya ga sunayensu duka.

Za ka iya cewa ai idan sun biya ɓarawo matsalarsu ce, bashinka yana nan. A bisa ƙa'ida wanda ya biya wani daban bai sauke bashin da ke kansa ba. Amma idan aka gano ta akwatin imel ɗinka aka bi, lauyansu zai ce sakacinka ne ya jawo, sai a shiga jayayya ta watanni, kuɗinka a maƙale, kai kuma ga masu ba ka kaya suna jiranka, ga cinikin shekara huɗu ya yi tsami. A irin wannan zama, kwafin wasiƙar nan mai hatimin karɓarsu, wadda ta ce kada su yi aiki da wata lamba sai sun kira ka, ita ce za ta tsaya maka.

Tsohon asusun kuma kada ka yi saurin rufe shi. Ka bar shi a buɗe aƙalla wata uku kana duba shi, domin akwai wanda zai biya a cikinsa bisa sabo, ko wani reshen kwastoman da sanarwa ba ta kai gare shi ba. Kuɗin da ya faɗa tsohon asusunka yana hannunka, amma wanda aka tura asusun da aka rufe sai ya koma, a sake bin layin amincewa daga farko, wataƙila sai ranar 28 ta gaba. Ka yi jerin duk masu biyanku, a gaban kowane suna ka rubuta ranar da aka kai wasiƙa, ranar da suka kira, da ranar da biyansu na farko ya shiga sabon asusu. Sai kowane layi ya cika sannan ka rubuta wa tsohon bankin takardar rufewa.